Google ya ƙi karɓar kayana saboda GTIN, ina zan dosa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da man shafawa da turarukan kamfani, sai kuma humra da turaren wuta da nake haɗawa da kaina. Na loda jerin kayan daga Excel zuwa Google Merchant Center, an dakatar da wasu da saƙon `Invalid value [gtin]`, wasu kuma an ce ba za su riƙa fitowa sosai ba don babu lambar. Humrata ba ta da bakod ko kaɗan. Me zan rubuta a wannan gurbi?

Mai shagon waya: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin mai sauƙi ne. Ki ƙara layi mai suna `identifier_exists`, ki rubuta `no` daga sama har ƙasa, jan rubutun zai ɓace.

Mai kula da kundin kaya: Malam, wannan ya yi daidai ga humra da turaren wuta, amma ga kayan kamfani zai jawo mata wata matsalar. Idan masana'anta ta ba kaya lambar GTIN, wato wadda ke ƙarƙashin zanen bakod, mai sayarwa kuma ya ce babu, Google yana iya ganewa tunda wasu 'yan kasuwa sun loda kayan nan da lambarsa, kuma yana iya dakatar da shi saboda haka. Ko bai dakatar ba, an yi asara. Da wannan lamba ce yake gane cewa man da Hajiya ke sayarwa shi ne wanda wani shago ke sayarwa, sai ya jera su tare idan mai saye ya nemi kayan da sunansa da girmansa. In babu ita, sai dai ya yi ta lalube da suna da hoto.

Hajiya, kafin komai ki duba fayil ɗin, don na fi zargin Excel ne ya ɓata lambobin. GTIN yana zuwa da lambobi 8, 12, 13 ko 14. Masu 13 su ne aka fi gani a kayanmu da na Turai, masu 12 kuma a kayan Amurka. Excel yana ɗaukar su a matsayin adadin lissafi, sai ya yi musu ɓarna iri biyu. Idan lambar ta fara da sifili, kamar da yawa daga cikin masu 12, sai ya jefar da sifilin su koma 11, kuma babu GTIN mai 11. Idan kuma doguwa ce, sai ya taƙaita ta. A ɗauki misalin lambar da na ƙirƙira don bayani:

```
6151234000015
6.15123E+12
6151230000000
```

Ta sama ita ce a jikin kwalba. Ta tsakiya ita Excel ke nunawa, kuma da ita yake adanawa in aka ajiye fayil ɗin a matsayin CSV. Ta ƙasa ita ce abin da zai dawo in aka sake buɗewa. Lambobi bakwai na ƙarshe sun tafi, kuma duk kayan kamfani ɗaya sai su wayi gari da lamba iri ɗaya, tunda farkon lambobinsu ɗaya ne. In kin ga jerin sifilai a ƙarshen lambobinki, to wannan ne ya faru, kuma babu dabarar da za ta dawo da su. Sai an koma kan kwalaben.

Gyaran shi ne ki zaɓi layin `gtin` gaba ɗaya ki mayar da shi `Text` tun kafin ki zuba komai a ciki. Sannan ki bi kayan ɗaya bayan ɗaya da na'urar karanta bakod, wadda ke rubuta lambar kai tsaye cikin gurbin da kika taɓa, ko da manhajar waya. In layin `gtin` shi ne B, a gefe ki saka `=LEN(B2)` mai ƙirga yawan lambobi, ki ja shi ƙasa, duk inda ya nuna 11 ko wani adadin da ba ya cikin huɗun nan, akwai gyara. Fayil ɗin CSV kuma kada ki sake buɗe shi da dannawa sau biyu, ki shigo da shi ta `From Text/CSV` ki zaɓi `Text` ga wannan layin.

Wata mai kayan kwalliya: Ni lambar NAFDAC nake sawa a wurin, ai ita ce shaidar kaya. Ko ba ita ake nufi ba?

Mai kula da kundin kaya: Ba ita ba ce, 'yar'uwa. Waccan rajistar hukuma ce ta ingancin kaya, wurinta cikin bayanin kayan. Wadda ake nema ita ce ke ƙarƙashin zanen bakod, kuma na'ura tana gane ta bogi nan take, domin lambar ƙarshe sakamakon lissafin sauran ce. A misalin da ke sama, ware 5 ta ƙarshe. Daga hagu, tara ta farko, ta uku, ta biyar har ta sha ɗaya: 6, 5, 2, 4, 0, 0, sun ba da 17. Tara ta biyu, ta huɗu har ta sha biyu: 1, 1, 3, 0, 0, 1, sun ba da 6, a ninka sau uku ya zama 18. Jimla 35, saura 5 a cika 40, ita ce ta ƙarshe. Kuskuren lamba ɗaya wajen kwafa da hannu ya isa ya rushe wannan lissafi.

Mai harkar sari: Akwai wani ramin da masu sayen kaya katan-katan ke faɗawa. Bakod ɗin da ke jikin katan, mai lambobi 14 da baƙin zagaye mai kauri, na katan ɗin ne dungurungum. In guda ɗaya kike sayarwa, na jikin kwalbar za ki ɗauka. Haka nan man mililita 200 da na 400 kowanne da lambarsa, ƙamshi daban ma lamba daban, ko da sunan ɗaya ne. In ke kika ɗaure kwalba uku iri ɗaya kike sayarwa tare, ki bar lambar guda ɗaya ki rubuta `3` a `multipack`. Sannan ki kula da takardar da manyan shaguna ke liƙawa, wadda lambarta ke farawa da 2. Ta cikin shagon ce kawai, Google ba ya karɓa. A ɓare ta a duba ta asali.

Mai shagon waya: To humrar fa? Akwai masu sayar da bakod da araha a intanet, ta saya ta liƙa. Ta dai nemi mai farawa da 615 don a san kayan Najeriya ne.

Mai kula da kundin kaya: 615 yana nuna cewa a ofishin Najeriya na GS1, ƙungiyar da ke raba lambobin bakod, aka yi rajistar lambar, bai ce a nan aka yi kayan ba. Masu arahar nan kuwa galibi an yanko su ne daga rajistar wani kamfani, don haka in aka bincika kundin GS1 sunan wani zai fito, ba na Hajiya ba. Amazon yana yin wannan binciken, yana kuma sauke kaya a kansa. Can akwai hanyar neman izinin loda kaya ba tare da GTIN ba, ta fi wannan aminci nesa ba kusa ba.

A Google, Hajiya, ki bar gurbin `gtin` na humrar fayau, kada ki cika shi da sifilai ko lambar ajiyar shagonki. In kina da sunan da kike bugawa a kwalaben, ki saka shi a `brand`, ki ba kowane iri da kowane girma tasa lambar da ba za ki canza ba a `mpn`. Wanda ba shi da suna ko lamba, kamar turaren wutan da ake aunawa, shi ne mai `no` ɗin da Malam ya faɗa. Ranar da za ki kai humrar babban kanti mai karanta kaya a kanta, ranar ce rajista da GS1 za ta zama dole, kuma akwai kuɗin sabuntawa duk shekara.

Mai harkar sari: Ni a ganina ta yi rajistar tun yanzu, kafin ta buga dubban takardun kwalba ta dawo tana sake bugu.

Mai tambaya: Na duba, wallahi kusan duk na kamfani ɗaya sifilai ne a ƙarshe, zan sake bin su da waya. Na gode ƙwarai. Saura turaren mai da nake ɗurawa a ƙananan kwalabe daga babbar kwalbar kamfani. Lambar babbar zan sa, ko shi ma ya zama nawa?

Mai harkar sari: Ta babbar dai ba za ta yi ba, tunda girman ya canza. Sunan wa za ki rubuta a `brand` kuwa, wannan sai kin duba ko kamfanin ya yarda a sake ɗura kayansa da sunansa.