Wane shamfu zan saya? Amosanin yarona ya ƙi tafiya

Maman Abba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wane shamfu ne ya fi maganin amosani? Ni dai tun ina budurwa nake fama da shi, mahaifiyarmu ma haka, ƙanwata ma haka, in muka sa baƙar riga sai kafaɗa ta yi fari fat. Na saba da abina, in ya taso na wanke ya lafa, in na yi sakaci ya dawo. To yanzu yarona ɗan shekara bakwai ne ya fara, susa ba dare ba rana, har malamarsu ta yi mini magana. Ina wanke masa da nawa shamfun amma kamar ƙara shi ake yi. Babansa ya ce gado ne in bar yaro ya huta, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Maman Abba, kada ki wahalar da kanki da sunan kamfani ko ƙamshi. Juya kwalbar ki karanta abin da ke ciki. Wanda za ki nema shi ne mai ketokonazol, in za ki bincika a waya ki rubuta `ketoconazole 2%`. Amosani wata ƙwayar fangas ce da ke kan kowa take haddasa shi, maiƙon fatar kai take ci, in ta yi yawa sai fata ta riƙa saɓulewa da sauri. Kuskuren mutane shi ne su shafa su ɗauraye nan take. A fatar kai ake cuɗa shi, ba a gashi ba, a bar kumfar minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye. Sau biyu a mako, mako 2 zuwa 4, bayan nan sau ɗaya a mako ko a mako biyu don kada ya dawo. Ki yi haka ki dawo ki ba mu labari.

Anti Binta:
Ni fa a ganina bushewa ce kawai. Yawan wanke kan ma shi ke kawo ta. Ki rage wankin, ki riƙa shafa masa mai da daddare.

Malam Habu:
Anti Binta, a yi haƙuri, wannan shawarar ce ke ɓata wa mutane kai. Bushewar fata garinta siriri ne, fari, yana kaɗewa da kansa. Amosani kuwa ɓawonsa ya fi girma, yana da maiƙo, wani lokaci har da ɗan rawaya-rawaya. In kika zuba masa mai ɓawon ne zai kwanta ki daina gani, ƙwayar kuma ta samu abin ci.

Ummu Hanan:
Ni duk waɗannan shamfun na magani sun ishe ni wallahi. Na yi amfani da mai seleniyam, amosanin ya tafi kam, amma gashina ya bushe ya yi tauri, ga wani wari da ke biyo ni har kan matashi. Da na koma na yi ƙorafi inda na saya ko kallona ba su yi ba. Su dai su sayar, babu mai gaya maka yadda za ka yi amfani da abu.

Sista Rabi:
Maman Abba, kafin a kai ga zancen shamfu ina da tambaya, don shekarun yaron ne suka tsaya mini a rai. Amosani irin naki yana bin maiƙon kai ne, shi kuwa maiƙon sai an balaga yake yawaita. Jariri yana iya yin ɓawo a ka a watannin farko, amma ɗan shekara bakwai ba kasafai yake amosani ba. A wurin aikinmu, yaro mai waɗannan shekarun in ya zo da ɓawo da ƙaiƙayi, makero muke fara zargi har sai an tabbatar ba shi ba ne. Ki zaunar da shi a wuri mai haske ki buɗa gashin. Ɓawon ko'ina yake, ko ya taru a wuri ɗaya? Akwai inda gashi ya yi ƙaranci? Sannan ki shafa bayan kunnensa da ƙeyarsa ki ji ko akwai kaluluwa.

Maman Abba:
Anti Rabi na duba. Akwai wani wuri a gefen dama, zagaye, faɗinsa bai kai tafin hannunsa ba, gashin wurin gajere ne kuma ya yi toka-toka. Amma wannan mai aski ne ya zurfafa hannu, tun ranar na ga wurin. Kaluluwa kuma akwai 'yar ƙarama a ƙeya, amma ai ya yi mura kwanan baya. Kuma don Allah a daina cewa makero, ni ba na wasa da tsaftar yarana, kullum sai sun yi wanka safe da yamma.

Sista Rabi:
Ba zancen ƙazanta ba ne ƙanwata, wallahi. Ɗauka ake yi: daga kan wani yaro wajen wasa, daga mataji ko hula ko matashin kai, daga injin aski da ba a tsaftace ba, wani lokaci daga kyanwa ko kare. Gidan da ya fi kowane tsafta ma yana shiga.

Ki ƙara duba wurin nan da kyau. Inda injin aski ya zurfafa, fatar lafiya lau take, gashin kuma yana tsirowa ya cim ma sauran. A makero gashin karyewa yake yi, shi ya sa wurin ba ya cikowa, sai ma faɗaɗa. Za ki ga guntayen gashi marasa sheƙi, ko kuma ɗigo-ɗigo baƙaƙe a fatar, wato gashin da ya karye daidai bakin raminsa. In kika ɗan ja guda da yatsa zai biyo ki ba wuya. Amosani ba ya yin haka. Shi bazuwa yake yi a kai, manya kan gan shi har a gira da gefen hanci, amma ba ya cinye gashi a zagaye, kuma ba ya tayar da kaluluwa. Ban ga yaron ba, ba zan yanke hukunci daga nan ba, amma ɓawo da karyewar gashi da kaluluwa a ƙeya, a kan ɗan shekara bakwai, sun isa a kai shi a duba.

Malam Habu:
To ko da makeron ne ai duk fangas ne, kuma ketokonazol maganin fangas ne. Ni ban ga abin ɗaga wa baiwar Allah hankali ba. Ƙanena ya yi irin wannan a wuya, man shafawa kawai aka sa ya tafi.

Sista Rabi:
Malam Habu, bayaninka kan amosani daidai ne, ita Maman Abba in ta bi shi a kanta za ta ji daɗi. Amma na wuya daban, na kai daban. A wuya ƙwayar tana saman fata, mai yana isa gare ta. A kai kuwa tana bin ramin gashi ta shige cikin silin gashin kansa, inda kumfa ko man shafawa ba sa kaiwa. Shi ya sa sai da maganin sha. Likita kan ba da girisofulbin na mako 6 zuwa 8, ko tarbinafin na kamar mako 4, ya danganta da irin ƙwayar, kuma da nauyin yaro ake auna shi, ba a saya da ka. Shamfun yana da aikinsa, ana haɗawa da shi sau biyu a mako don ya rage yaɗuwa ga sauran 'yan gida. Shi kaɗai sai dai ɓawon ya ragu a ɗauka an warke, alhali gashi na ci gaba da karyewa.

Ɗan Gidan Alhaji:
Tunda ana maganar zubewar gashi, ni gaban kaina ne ya fara ja baya kuma ban kai talatin ba. Shamfun nan zai dawo da shi?

Malam Habu:
Kai naka sanƙo ne, ba ya cikin wannan lissafin.

Baban Yusra:
Maman Abba, ki ji maganar Sista. 'Yata ta yi wannan abin. Wurin ya kumbura ya yi luɓus, yana tsattsafo da ruwa da mugunya, gashin wurin yana fita da kansa in an taɓa. A wani kemis aka ce maruru ne, aka ba mu maganin ƙwayoyin cuta har kala biyu, har wani ya ce a tsaga. Da muka je wurin likitan fata ya ce da an tsaga da an cuce ta, makero ne jikinta ke faɗa da shi har ya kumbura haka. Maganin sha ya warkar da ita, amma akwai ɗan wurin da ya yi tabo, har yau gashi bai fito ba. Abin da ke ci mini rai, babu wanda ya ce mana "ban sani ba, ku je asibiti". Kowa sai ya miƙo magani.

Maman Abba:
Subhanallahi, Allah ya ƙara mata lafiya. Amma nasa bai kumbura ba ko kaɗan. Kuma ma akwai wani man shafawa da maƙwabciyata ta ba ni, wanda aka ce yana maganin cuta uku a haɗe, tunda na fara shafa masa susar ta ragu sosai, jan ma ya tafi. Da makero ne ai ba zai yi sauƙi haka ba. Ni tsoron ba yaro ƙwaya har wata biyu nake yi, an ce suna taɓa hanta.

Sista Rabi:
Man nan shi ne ya fi damuna a duk abin da kika faɗa. Irin waɗannan haɗe-haɗen yawanci akwai sitiroyid a ciki. Aikinsa kwantar da ja da ƙaiƙayi, kuma yana raunana garkuwar fatar wurin, sai ƙwayar ta samu sarari ta bazu, kamannin ciwon kuma su canja har likita ya sha wuya kafin ya gane. Ki dakatar da shi, ranar zuwa asibiti ki tafi da bututun a nuna. Kada ki shafa masa komai a kai ranar, don za a iya kankaro ɓawon a tsinko 'yan gashi a duba a madubin likita. In an kai su ɗakin gwaji don a gane irin ƙwayar, sakamakon kan ɗauki makonni, shi ya sa galibi ake fara magani kafin ya fito.

Tsoron hanta kuma ki faɗa wa likitan, haƙƙinki ne. An daɗe ana ba yara waɗannan magungunan, yawanci ba sa wuce ɗan ciwon ciki ko ciwon kai, amma dole ya san in yaron ya taɓa ciwon hanta ko yana shan wani magani. Kafin nan ki ware masa mataji da tawul da rigar matashi, a wanke su da ruwan zafi, ki kuma duba kan sauran yaran. Da zarar ya fara magani zai ci gaba da zuwa makaranta, ba sai an aske shi ƙwal ba.

Malam Habu:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. A gwada shamfun mako biyu, in bai yi ba sai a tafi asibitin. Me za a rasa?

Anti Binta:
Ni ma yarana duk sun yi irin wannan, da suka girma ya tafi da kansa.

Maman Abba:
Na gode muku duka. Na nuna wa babansa, ya ce a fara da shawarar Malam Habu tukuna. Man kuma zan rage shafawa, don in na daina gaba ɗaya ba zai yi barci ba. Yanzu na duba kan ƙanwarsa, ita ma na ga ɗan gari-gari a tsakiya, amma ita dama gashinta mai bushewa ne.

Sista Rabi:
Shekararta nawa? Mataji ɗaya kike taje musu kai da shi?

Ummu Hanan:
Ni dai har yanzu babu wanda ya gaya mini wanda ba ya busar da gashi.