Sanarwarmu ta yi tsawo, iyaye ba sa kaiwa ƙarshe

Sakataren Islamiyya: Salamu alaikum. Ni nake tura sanarwa a tashar makarantarmu ta WhatsApp. Ta saukar Alƙur'anin bana ta ƙunshi gaisuwa, godiya, ta'aziyya, kuɗin kayan sauka, sauyin rana da taron iyaye. Duk na rubuta, amma iyaye sai kirana suke suna tambayar nawa ne kuɗin. Yaya zan gyara ta?

Malama Mai Kwamfuta: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taɓa rubutun, tambayi kanka: in uba ya gama karantawa, me kake so ya tashi ya yi? A abin da ka lissafa, biyan kuɗi ne kaɗai ke da wa'adi kuma yake buƙatar a motsa. To shi ne saƙon, kuma shi zai hau layin farko. Dalili, WhatsApp yana datse dogon saƙo ya sa "Read more", kuma mai duba waya a kan mashin ko a bakin murhu ba zai danna ba. In sallama da yabon shugabanni suka cinye saman, kuɗin ya faɗa ƙarƙashin datsi. Ni da haka zan rubuta, lambobin misali ne:

```
*KUƊIN KAYAN SAUKA: a biya kafin Alhamis*
Assalamu alaikum iyayen ɗalibai.

*Nawa ne*
N5,000 kowane ɗalibi.

*Inda za a biya*
Ofishin makaranta, 4:00 zuwa 6:00 na yamma.

*In da tambaya*
A kira sakatare.
```

Kowane sashe amsar tambaya ɗaya ce, da layi fanko a tsakani don ido ya huta. Taurarin nan su ke kaurara rubutu, amma sai sun manne da kalmar. In ka bar fili bayan tauraron farko, tauraro za a gani kawai. Kada kuma ka kaurara komai, kanun sassa sun isa. Gwajin da nake yi shi ne in miƙa wa wani waya ya leƙa na ɗan daƙiƙu, in karɓe, in ce me ake so ka yi? In ya fara da "wai dai...", da sauran aiki.

Baban Khalifa: Ni dai shawarata ka yayyanka shi gida shida ka tura a jere, kowane da lambarsa. Gajere ai ya fi shiga.

Malama Mai Kwamfuta: Yaya, gaskiyarka a kan gajarta, amma yanka yana da tarko. Mutane saƙo guda ɗaya suke turawa gaba. Uwa za ta tura wa mijinta na uku mai cewa a biya kafin Alhamis, adadin kuɗin yana na huɗu, sunan makaranta yana na ɗaya. A raba bisa manufa, ba bisa tsawo ba. Kuɗi saƙo ɗaya cikakke, sauyin rana wani daban, kowane ya iya tsayuwa shi kaɗai in an tura shi wani wuri. Wannan ma ya tuna min, Malam, ƙara sunan makaranta da kwanan wata a misalin nan nawa, don "Alhamis" kawai za ta rikita wanda saƙon ya iske bayan mako.

Ɗan Kantin Kwari: Matsalarka ba su ajiye lambarka ba ne. Ni ma da nake tura sabbin atamfofi, wanda bai ajiye ni ba ba ya samu, kuma jerin da nake tura saƙon da shi mutum 256 kawai yake ɗauka.

Sakataren Islamiyya: Alhaji, wancan jerin tura saƙo ne, wato "broadcast", namu tasha ce da ake bi. Suna gani, karantawa ce ba sa yi. Malama, ta'aziyyar fa? Mahaifiyar ɗaya daga malamanmu ce.

Hajiya Kaka: Ɗana, kada ka kuskura ka haɗa rasuwa da maganar kuɗi a saƙo ɗaya. Mun taɓa yi a ƙungiyarmu ta mata, aka yi ta danna alamar addu'a, ba wadda ta lura akwai gudummawar da za a kawo. Ka ba mamaciya nata saƙon. Sai dai ban yarda a sa kuɗi sama da sallama ba, Malama. Iyaye ne fa, ba kwastomomi ba.

Malama Mai Kwamfuta: Hajiya, sallamar tana nan a layi na biyu. Wancan na sama kai ne, kamar na wasiƙa.

Hajiya Kaka: A wasiƙar ma da Bismillah muke farawa. Ya sa sallamar a gaba, kalma biyu ce, ba za ta tura kuɗin ƙasa ba.

Sakataren Islamiyya: Na gode muku. Zan tura ta'aziyyar yau, kuɗin gobe da safe. Maganar wanne zai hau sama kuwa, bari in nuna wa shugaban makaranta duka biyun tukuna.