Kitsen hanta ga masu ciwon sukari da masu tumbi

Abin da ya fito daga wata tattaunawa da aka yi kan kitsen hanta shi ne, kitse na taruwa a hanta shiru, ba ciwo, galibi sai hoton ciki ko gwajin jinin hanta ke tona shi. Masu ciwon sukari da masu tumbi su ya fi kamawa, ko ba su taɓa shan giya ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mai kilo 90 in ya rage kilo 5, kitsen kan fara narkewa. In ya rage 9, kumburin hantar ma yakan lafa. Amma a bi a hankali, rabin kilo a mako ya isa. Lemon kwalba da shayi mai cokali uku na sukari su za a fara yankewa, sannan a rage malmalar tuwo.