Wane suna zan sa wa kasuwancina na man kaɗanya?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayen man kaɗanya a hannun mata a Kontagora, ƙanwata da ke Manchester tana sayar min. Yanzu wata mai haɗa sabulu a can tana son kilo 200, ta ce sai da sunan kamfani. Ina tsakanin "Ɗanyen Kaɗe" da "Hanif Organic Global Ventures". Wanne ya fi?

Hajiya Turai: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, suna biyu kike buƙata, kuma ba dole su zama ɗaya ba: na takarda da na jikin roba. Na takarda shi ne wanda za ki yi wa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma ki yi kamfani mai Limited, domin hukumar NEPC ba ta ba da takardar fitar da kaya ga mai rajistar sunan kasuwanci kawai. Wannan sunan dai shi zai hau asusun banki, da fom ɗin NXP na fitar da kaya waje, da takardar kuɗin da za ki tura wa mai saye. Ni harafi ɗaya ya taɓa bambanta tsakanin asusuna da takardata, sai da kuɗina suka yi makonni a maƙale, ina ta zarya banki.

Kalmar Organic kuwa ki cire ta. A can kalma ce da ake neman shaidarta, in mai sabulun ta ce ki kawo takarda, me za ki nuna?

Baban Iman: Ki sa sunan yaron kawai, akwai albarka. Da zarar CAC ta amince, ba mai iya taɓa miki shi ko'ina a duniya.

Hajiya Turai: Malam, a Najeriya ma rajistar kamfani daban take da ta tambarin kaya, balle Ingila. Sai ta duba ko wani bai riga ta ba a can.

Ummi daga Jidda: Anti, ni "Ɗanyen Kaɗe" ya burge ni, har ƙanshinsa na ji, na tuna kakata tana shafa mana shi da hunturu. Amma a adireshin imel zai koma danyenkade, ƙugiyoyin sun tafi. Kuma ki lura, 'yan Gana nkuto suke nema, masu Faransanci karité, Turawa shea. Mu Hausawa kaɗai za mu gane kaɗe. Ki sa ƙanwarki ta rubuta sunan, ta ba mutum biyar da ba Hausawa ba su karanta, ta naɗo miki muryarsu.

Sani Mai Fata: Nawa kike ba da kilo? Ina da mai so a Kano.

Maman Hanif: Malam Sani, ka bari in gama da sunan tukuna. Hajiya, in na sa "Zalla Shea" a jikin roba fa? Amma wallahi raina bai so a rasa kaɗe a ciki.

Ummi daga Jidda: Ki rubuta "man kaɗe" da ƙananan haruffa a ƙasansa, mu za mu gani.