Me za mu kira Conditional Access da Hausa?

Ɗan Agege: Salamu alaikum jama'a. Ina kula da kwamfutocin wani kamfanin fiton kaya a Apapa, kuma yawancin ma'aikatanmu na fili Hausawa ne. Shekaranjiya wani jami'inmu ya bi ta Seme ya shiga Kwatano, da dare ya bugo min rai a ɓace wai an kulle masa imel. Ba kullewa aka yi ba, Conditional Access ne ya hana shi shiga, wato tsarin Microsoft mai duba wasu sharuɗɗa kafin ya bar mutum ya shiga asusunsa. Yanzu oga ya ce in rubuta wa masu tafiya sanarwa da Hausa, ni kuma na rasa sunan da zan ba abin. "Shingen ƙasa" ne ya zo min, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Ai ni ma an taɓa yi min haka a Makka lokacin Umara, katina ya ƙi fitar da kuɗi sai da na kira banki. Ka ce masa ya canza kalmar sirri, ƙila ɓarayin intanet ne suka taɓa shi. Ni dai "kulle asusu" zan ce, kowa ya san shi.

Malam na Ikeja: Hajiya, Allah ya kiyaye gaba, amma nan kalmar sirri ba ta da laifi. Hasali ma sai mutum ya saka ta daidai sannan ake duba waɗannan sharuɗɗan. Shi ya sa saƙon da ke fitowa yake cewa shigarka ta yi amma ba ka cika abin da ake nema ba. Ɗan Agege, wace lamba ka gani a ƙasan saƙon?

Ɗan Agege: Ga ta, ranka ya daɗe:

```
AADSTS53003
```

Malam na Ikeja: To ita ce. Da kalmar sirri ce ba daidai ba, 50126 za ka gani. Don haka "kulle" ba zai yi ba, domin asusun lafiyarsa ƙalau. Da zai tsallako Seme ya dawo gida, nan take zai shiga ba tare da an taɓa komai ba. Ranar da ka rubuta "kulle" a sanarwa, duk wanda abin ya shafa zai zo yana neman sabuwar kalmar sirri, ku yi ta wahalar banza.

Bashir Idi-Araba: Ni ina ganin "tarkon baƙuwar ƙasa" ya fi. Domin abin da yake yi ke nan: na'urar tana lura da inda ka saba shiga, da ta ga sabuwar ƙasa sai ta yi zargin ba kai ba ne.

Malam na Ikeja: Ƙanena, akwai wannan, amma ba lallai shi ya faru a nan ba. Hanya biyu ce. Ta farko jerin ƙasashe ne da mai kula da tsarin ya rubuta da hannunsa a Named locations cikin Microsoft Entra ID, wanda har 2023 ake kira Azure AD. Sai ya kafa doka cewa duk wanda ya zo daga wajen jerin a hana shi. Wannan ba ruwanta da sabo. Ko kullum kana kwana a Kwatano, in dai Benin ba ta cikin jerin, ba za ka shiga ba. Ta biyun ita ce wadda kake nufi, mai auna haɗari, inda za ka ga irin su Atypical travel, wato tafiyar da ba a saba gani ba, kuma tana bukatar lasisin P2, alhali ta farkon P1 ya ishe ta. Ɗan Agege, ka buɗe Sign-in logs, ka nemo shigar da ta gaza, ka danna shafin Conditional Access. Zai nuna maka sunan dokar da ta hana shi.

Ɗan Agege: Na duba tun daren. Ta jerin ƙasashe ce, Nijeriya kaɗai muka saka. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ya ce tun la'asar yake Kwatano kuma imel na shigo masa, sai da ya je masauki abin ya tsaya.

Malam na Ikeja: Da rana da wane layi yake amfani?

Ɗan Agege: Layinsa na gida, ya kunna romin. A otal ya hau wayfai ɗinsu.

Malam na Ikeja: Ka ga amsar. Dokar ba ta ganin inda ƙafarsa take, adireshin IP take dubawa ta ƙiyasta ƙasar. Layin da ke romin galibi datarsa ta kamfanin gida take fita, sai a gan shi kamar yana Legas. Yana hawa wayfai ɗin otal ya ɗauki adireshin Benin. Ko a nan ma ba lallai ya tsaya nan take ba, domin takardar izinin da manhaja ke riƙewa tana kai awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, sai ta je sabuntawa a tare ta. Wannan ne ya sa "shingen ƙasa" bai gamsar da ni ba. Ƙasa sharaɗi ɗaya ce kawai. Gobe za ka ce sai da kwamfutar ofis, ko sai an tabbatar ta manhajar Authenticator a waya, duk tsari ɗaya ne. Kamar mai gadin unguwa ne a Ikoyi: ya san fuskarka, amma yana da takardar abin da za ka cika kafin ya ɗaga ƙarfe. Ni "sharaɗin shiga" zan ce.

Bashir Idi-Araba: To ai da sauƙi Malam, ya koma kan romin ɗin, ko ya sa VPN ya fito ta Nijeriya.

Malam na Ikeja: Zai iya wucewa, amma kada a koya wa ma'aikata haka. Rannan da ɓarawo na gaske ya zo ta wannan hanya, ba za ka iya bambance shi da mutanenka ba. Abin da ya dace: ka fara kiran matafiyin a lambar da ka sani ka tabbatar shi ne, domin "ina ƙasar waje, ku buɗe min" tsohuwar dabarar 'yan damfara ce. Sannan ka buɗe rukunin matafiya, ka cire rukunin daga dokar farko ta Exclude. Kada ka tsaya nan, don ka buɗe masa duniya ke nan gaba ɗaya. Ka yi wa rukunin doka ta biyu mai hana ko'ina sai Nijeriya da Benin. Inda mutane ke faɗawa shi ne su rubuta sabuwar doka mai ba da izini su bar tsohuwar tana aiki a kansa. Ba za ta yi ba. In dokoki biyu suka haɗu a kan mutum, mai hanawa ce ke rinjaye. Ka gwada da What If, wato wurin gwajin dokokin, kafin ka ce masa ya sake shiga, kuma ranar da ya dawo ka fitar da shi daga rukunin.

Maman Hanifa: Yanzu na gane, Malam, Allah ya ƙara basira. Sai dai "sharaɗin shiga" yana min kama da na neman makaranta. "Izini bisa sharaɗi" fa?

Ɗan Agege: Naki ya fi cika ma'ana Hajiya, amma ya yi tsawo a bakin mutumin da ke tsaye a tashar jiragen ruwa yana waya. Ga abin da na rubuta: "Duk mai fita ƙasar waje ya sanar da mu ƙasar da ranar dawowa tun kafin ya tashi. In ba haka ba sharaɗin shiga zai tare shi, ko da kalmar sirrinsa daidai ce."

Bashir Idi-Araba: "Tare" ya zauna, na yarda. Amma ita mai auna haɗarin fa? Ba jeri take bi ba, ban ga yadda za a kira ta sharaɗi ba. Ni dai zan ci gaba da ce mata "zargin shiga" a ofishinmu.

Malam na Ikeja: Ita ma doka ce ke yanke hukuncin a ƙarshe, zargin abin dubawa ne kawai. Amma ka gwada shi a kan mutanenka, ka zo ka faɗa mana ko sun gane.