Kashi ɗaya cikin ɗari a kowane ciniki: yaya kuke lissafa shi?

Sabon shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Watan jiya ciniki shida na faɗi a jere, jarina ya sauka daga dala 1,000 zuwa kusan 530, domin kashi 10 nake sa wa a haɗari duk shiga. An ce min in koma kashi ɗaya. Na gwada, na sayi hannun jari na dala biyar kacal, ya tashi sosai amma ribar ko kuɗin dillali ba ta biya ba. Haka kowa ke yi?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Nan ne ka kuskure, ni ma haka na fahimce shi da farko. Kashi ɗayan nan kuɗin da ka yarda ka rasa ne idan cinikin ya juya maka baya, kuɗin da za ka saya da shi kuwa lissafi ne ke fitar da shi. Bari in ba ka nawa. Jarina dala 2,000, kashi ɗaya dala 20 ke nan. Na ga hannun jari a dala 50, na duba inda farashi zai sauka in tabbata hasashena ya ɓaci, na ga 48, can na ajiye Stop Loss, wato iyakar da za a sayar min idan farashi ya kai ta. Kowane hannu ɗaya zai iya cinye min dala 2.

```
20 ÷ (50 − 48) = 10
```

Hannu goma na saya, na dala 500, wato rubu'in jarina. Da ya faɗi zuwa 48 ya fitar da ni, dala 20 suka tafi, na kwana lafiya. Abin da nake so ka riƙe shi ne tsarin: wurin fita ake fara nema, sannan a lissafa yawan abin saye. Da iyakar tana 46, biyar kawai zan saya, asarar dai 20 ce. Faɗuwa goma a jere da kashi ɗaya ba ta kai ta ci kashi 10 na jari ba, da kashi 10 kuwa kusan kashi 65 take tafiya da shi.

Mai canjin kuɗi: To ai ni dabarata ita ce in matso da iyakar kusa. Tazarar ta yi kaɗan, sai lissafin ya ba ni kaya da yawa, haɗarin kuma bai wuce kashi ɗaya ba.

Tsohon hannu: A takarda gaskiyarka, Malam. Amma ka ɗauki misalina, ka mayar da tazarar santi 20: lissafin zai ce ka sayi hannu 100, dala 5,000, alhali jarin 2,000 ne. Sai da bashin dillali ke nan. Kuma ɗan kai-komon da farashi ke yi kullum ya isa ya fitar da kai sau biyar a mako.

Mai canjin kuɗi: Hakan ya faru da ni, ban musa ba. Amma a EUR/USD, wato cinikin yuro da dala, ina ganin amfaninsa. A can pip ne ma'aunin motsin farashi, lot kuma ma'aunin girman ciniki: dala 20 da tazarar pip 40, santi 50 ke nan kowane pip, lot 0.05. Idan na rage zuwa pip 20 sai in shiga da 0.10.

Uwar biyu: Ni abin da ya same ni daban ne. Na bi ƙa'idar daidai, amma na bar ciniki ya kwana ranar da kamfanin zai fitar da rahoton ribarsa. Da aka buɗe kasuwa farashi ya tsallake iyakata, aka sayar min can ƙasa. Kashi ɗaya na shirya rasawa, biyu da rabi na rasa. Iyakar nan umarni ce kawai ta a sayar, ba ta lamunce maka farashin. Waɗanda suka dogara ga faɗuwar kuɗin Switzerland ranar 15 ga Janairu 2015, da babban bankinsu ya janye shingen 1.20 da yuro, sun ga wanda ya fi nawa muni nesa ba kusa ba. Yanzu ba na kwana da ciniki daren rahoto.

Wani abu kuma, na taɓa buɗe ciniki uku lokaci ɗaya, kowanne kashi ɗaya, dukkansu sun dogara ga faɗuwar dala. Dala ta tashi, kashi uku suka tafi tare.

Ɗalibi: Yaya, ni fa jarina dala 100 ne. Kashi ɗaya dala ɗaya. Mafi ƙanƙantar lot a wurin dillalina 0.01 ne, da pip 40 asarar dala 4 ce. Ƙa'idar ta ƙi shiga.

Tsohon hannu: Ba za ta shiga ba. Ko ka nemi asusun da ake lissafinsa da santi, ko ka zauna a asusun gwaji har jarin ya ƙaru.

Sabon shiga: Na gode, yanzu na gane. Saura ɗaya: bayan kowace asara zan sake lissafa kashi ɗayan daga abin da ya rage, ko daga jarin farko?

Uwar biyu: Ni duk ciniki nake sabuntawa.

Mai canjin kuɗi: Ni sai farkon wata, Hajiya. Sabuntawa kullum na sa farfaɗowa ta yi nawa, don kayan na ƙanƙancewa daidai lokacin da nake neman mayar da asara.

Uwar biyu: Ƙanƙancewar ce ai ta tsare min jarin da nake ciniki da shi yau.