Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma: ta mai gida ce ko har da baƙo?

Ɗan Mokoyo:
Salamu alaikum. Jiya wurin suna a unguwar Zariya nan Maradi na zauna tabarma guda da wani dattijo da ban sani ba, har aka shafa fatiha ban ce masa komai ba bayan gaisuwa. Kawuna ya yi mini faɗa, wai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Na ce ai wannan magana ta mai masauki ce, ni ma baƙo ne. To a kan wa take? Kuma me mutum zai ce wanda ba zai fito kamar hadda ba?

Mai Shagon Bagalam:
Wa alaikumus salam. Gaskiya na wajenka, ƙanena. Wanda ya shimfiɗa tabarma shi ake nufi, baƙo bai zo da tabarma ba balle a gwada ta da fuskarshi. Kawu dai ya so ya yi faɗa ne, sai ya jawo karin maganar da ta fi kusa da hannu.

Tsohon Mushe:
A'a Alhaji, kawu bai kauce ba. A wurin taro duk wanda ya riga zama shi ne mai tabarmar. In ka iske mutum zaune, kai ne baƙonshi. In shi ya iske ka, gusawar da za ka yi ka ba shi wuri ita ce shimfiɗarka.

Ɗana, abin da ke sa magana ta fito kamar hadda shi ne a taho da ita daga gida. Wurin suna ya riga ya tanadar maka abin faɗi. Ka ja gaisuwa har ƙarshenta, kada ka yanke ta a "ina kwana": ina gajiya, ina gida, ina taro, barkanmu da arziki, Allah ya raya. Ana cikin haka kunnenka na aiki. In yana amsa "lafiya lau" kawai, idonshi na kan carbi, to bar shi, wataƙila lazimin safe ne bai ƙare ba. In kuwa ya maido maka da tambaya, ya ce "ya naku gidan?", ya ba ka hanya ke nan.

Daga nan ka jira faranti. In goro da dabino sun iso gabanka, kada ka ɗauka, ka tura mishi ka ce "Baba, bismillah." In an raɗa suna maroƙi ya yi shela, ka juya ka ce "Baba, wane suna aka ce?" ko da ka ji. Galibi dattijo ba ya tsayawa a sunan, zai gaya maka wa aka yi wa takwara, ko kakan wajen uba ne ko na wajen uwa, kuma daga bakinshi za ka gane ta ina ya haɗu da gidan ba tare da ka bincike shi ba. Kada ka soma da sunanshi ko sana'arshi. Wannan tambayar bakin iyaka ce.

Na Ɗan Isa:
Mushe, tambayar abin da ka riga ka ji ba ƙarya ba ce ƙarama? Ni tawa hanya guda ce kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba: "ta wajen ango kake ko ta wajen amarya?" Shike nan hira ta tashi.

Jikar Tibiri:
Malam Na Ɗan Isa, a rumfar maza tana aiki, amma kada ka koya wa mata ita. Bari in ba ku na kakata, Allah ya jiƙanta. Ita ta ga ambaliyar Gulbi ta 1945 da idonta, wadda ta sa Maradi ta tashi daga kwari ta hau tudu, don ku san irin shekarun da nake magana.

Tana sabuwar aure sunka kai amarya wani ƙauye wajen Madarunfa. Tsakar gida cike da mata, ana guɗa, sai ta hangi wata can gefen rumbu tana daka ita kaɗai, an yi mata kitso sabo da lalle amma ba mai zama wurinta. Kaka ta ce bakinta ya yi nauyi, ba ta san ta ina za ta kama ba. Sai ta aje mayafi, ta ɗauki tabarya ta biyu ta ce "sannu da aiki," sunka shiga lugude. Ba wadda ta ƙara cewa komai har geron ya surfu. Wajen bakace ne matar ta ce, "ke ba ɗiyar nan ba ce, dakanku na Gobir ne." Nan dariya ta ɓalle. Sai da aka kai ga tuwo kaka ta gane ashe uwargidan ce, kishiya sunka kawo mata. Ku duba da ta buɗe baki da "ta wajen wa kike?"

Matar nan ta zama ƙawar bikinta har tsufa. Duk haihuwar da aka yi gidanmu sai ta zo da ƙwarya rufe da faifai, kaka ma ta rama da ninki. Abin da kaka ta hana mu shi ne tambayar mace baƙuwa "'ya'yanki nawa?" ko "wancan naki ne?" Wata ba ta samu ba, wata ta binne, wata kuma ɗan fari ne ba za ta amsa ba don kunya, kin sa ta a tsaka mai wuya gaban mutane.

Mai Shagon Bagalam:
Allah ya jiƙan kaka. Amma Hajiya, yanzu inji ke niƙa, masu abinci kwangila aka ba su. Wace tabarya yarinya za ta ɗauka?

Jikar Tibiri:
Ta karɓi goyon wata, ta taya ƙulla kunu a leda, ta miƙa buta. Aiki bai ƙare a gidan biki ba, Alhaji.

Ɗan Kabu-kabu:
In shimfiɗar fuska kuke nema ku tuna lokacin zaɓe. Akwai wani da ba ya barin suna ko ɗaurin aure, gaisuwarshi guda ce ga kowa, "ya iyali, muna tare," yana riƙe da hannunka idonshi na kan na bayanka. Ranar ya ce wa wani gwauro ya gaishe da amarya.

Na Ɗan Isa:
Da ya samu kujera kuwa har tabarmar ya naɗe ya tafi da ita.

Ɗan Kabu-kabu:
Ni dai wasa nake nema. In na ga zanen Gobir a fuska ko na ji harshen Zabarmawa ko Bafillace, na san inda zan taɓa. Tun 2014 UNESCO ta sa wasan taubasan Nijar cikin kayan gadon duniya, me zai hana mu mori abinmu?

Tsohon Mushe:
Yana buɗe baki da sauri, amma sai ka tabbata kai abokin wasanshi ne. Bafillace da Babarbare ko Ba'are an san da wannan, Bagobiri da Bazabarme haka. Kai da ba ka cikin layin in ka tsokani dattijo, rashin kunya ce kawai. Kuma zane ya yi ƙaranci a fuskar yaran yanzu, sai ka yi ta wasa da wanda ba shi ba. Game da tambayar suna kuma, Malam Na Ɗan Isa, ban ɗauke ta ƙarya ba, ba shi girma ne ya zama mai sanar da kai.

Na Ɗan Isa:
Ban gamsu ba, Mushe. Dattijo na gane wanda ke yi mishi dabara.

Ɗan Mokoyo:
Na gode iyayena. Dattijon nan dai carbi ne a hannunshi tun da ya zauna, kuma ni na iske shi. To ke nan wa ke bin wani bashin fuska? Asabar akwai ɗaurin aure a unguwar Ali Ɗan Sofo, da kawun za mu je.

Mai Shagon Bagalam:
Ka zauna nesa da kawu tukuna. Na wane gida ne? Kamar ni ma an kawo mini goron.